Waya Tana Mutuwa Alhali Cajinta Yana Kan Rabi: Tambayoyi da Amsoshi

Wayata tana nuna kashi 50, sai kawai ta ɗauke. Ina sauran cajin ya tafi?

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, lambar da ke saman fuskar waya ƙiyasi ce. Babu wata hanya da waya za ta leƙa cikin batir ta ga yawan wutar da ta rage, kamar yadda ake leƙa randa a ga inda ruwa ya tsaya. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe na lantarki da ake kira ayisi, a jikin injin wayar ko a jikin batirin kansa, wanda aikinsa shi ne yin wannan lissafi, kuma da abubuwa biyu yake yinsa: yana ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, sannan yana auna ƙarfin wutar batirin, wato folt.

Ita kuwa wayar, ba da wannan lamba take yanke shawarar mutuwa ba. Batirin litiyom na waya idan ya cika yakan kai folt 4.2 a tsofaffin wayoyi, ko 4.35 zuwa 4.45 a na yanzu, kuma yawancin wayoyi sukan kashe kansu idan ƙarfin ya faɗo wajejen folt 3.3 ko 3.4. Da zarar ƙarfin ya taɓa wannan iyaka, ko da na ɗan ƙiftawar ido ne, wayar za ta ɗauke, ko da lambar da ke fuska tana cewa kashi 50. Don haka mutuwa a kan rabi tana nufin ɗayan abu biyu. Ko dai batirin ya ƙare da gaske, lissafin ne ya yi kuskure, ko kuma akwai sauran caji a ciki amma batirin ya kasa fitar da shi da ƙarfin da wayar ta nema a wannan lokaci. Na farko matsalar ma'auni ce, ana iya daidaita shi. Na biyu tsufan batir ne, kuma babu saitin da ke warkar da shi.

Yaya batir mai sauran caji zai kasa riƙe waya?

Duk wanda ya taɓa zama da tsohuwar mota ya san wannan hali. Ka kunna fitila ta haska, ka danna ham ya yi ƙara, amma da ka murɗa makulli don tayar da inji sai komai ya dushe. Wutar tana nan, sai dai batirin ba ya iya bayar da ita da yawa a lokaci guda.

Kowane batir yana da wata turjiya a cikinsa, wadda ke cinye wani ɓangare na ƙarfin wutar kafin ta fito waje. Ana auna ta da om. Yawan ƙarfin da ake asara shi ne yawan wutar da waya ke ja, a ninka da wannan turjiya. Sabon batirin waya turjiyarsa ƙarama ce, wajejen om 0.1 ko ƙasa da haka. Yayin da yake tsufa, wani ɓawo yana ƙara kauri a kan sassan da ke cikinsa, turjiyar sai ta ninka sau biyu, sau uku, ko fiye.

Mu ɗauki misali da lissafi. Batirin da ke kan rabi, idan yana hutawa, ƙarfinsa yana wajejen folt 3.8. Ka buɗe kyamara kana ɗaukar bidiyo, hasken fuska yana ƙure, data tana kunne a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, wayar ta ja amfiya 2, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja. A sabon batir mai turjiyar om 0.1, asarar folt 0.2 ce kawai, ƙarfin ya sauko 3.6, wayar ta ci gaba da aikinta ba ka ma san an yi ba. A tsohon batir mai turjiyar om 0.3, asarar ta zama folt 0.6, ƙarfin ya faɗo 3.2, ƙasa da iyakar da wayar ke iya jurewa, sai ta mutu nan take. Da ta mutu, jan wutar ya tsaya, ƙarfin batirin ya sake hawa kusa da 3.8. Shi ya sa mutum zai kunna wayar bayan minti biyu ya tarar da kashi 40 da wani abu, ya rasa abin da ya faru.

To ta yaya ma'aunin yake rikicewa, idan ba batirin ba ne?

Batirin litiyom yana da wata ɗabi'a da ke wahalar da mai lissafi. Daga wajejen kashi 20 zuwa kashi 70, ƙarfinsa ba ya sauyawa sosai. Ratar duka ba ta wuce folt 0.2 zuwa 0.3 ba. A wannan tsakiya, auna folt kaɗai ba ya faɗin gaskiya, dole ayisin ya dogara da ƙirgen wutar da ta shiga da wadda ta fita. Kowane ƙirge kuwa yana da ɗan kuskure, kuma kurakuran suna taruwa. Ayisin yana gyara kansa ne idan ya ga batirin ya cika taf, ko ya kusa ƙarewa, ko ya huta na tsawon lokaci ba a jan wuta daga gare shi.

Wayar da ta yi watanni ba ta taɓa kaiwa ɗari ba, ana sa mata caji na minti ashirin a cire saboda an ɗauke wuta, ana kai ta shagon caji a karɓo kafin ta cika, ita ce ma'auninta ya fi saurin ɓacewa. Haka nan wayar da aka ajiye watanni a akwati, da wadda aka sauya wa batir jiya-jiya alhali ayisin da ke jikin injinta yana riƙe da bayanan tsohon batirin, da wadda aka yi wa filashin ko babban sabunta manhaja.

Akwai kuma hali na uku da ke tsakanin biyun, kuma a ganina shi ya fi yawa. Batirin da aka ƙera da girman 5000 mAh ya tsufa ya koma yana ɗaukar 3000 mAh kacal, amma ayisin bai gama gane hakan ba, yana lissafi kamar girman na nan. An ci 3000, shi yana ganin saura kashi 40, alhali babu komai a ciki. A nan ma'aunin ya yi kuskure, amma tsufan batirin ne ya jawo kuskuren.

Ta yaya zan bambance su ba tare da na buɗe wayar ba?

Abin da ya fi kowane gwaji amfani shi ne lura da abubuwa biyu: me kake yi da wayar lokacin da ta mutu, kuma me ta nuna bayan ta dawo.

Idan mutuwar tana zuwa ne a daidai lokacin aiki mai nauyi, kamar buɗe kyamara, kunna filasha, kiran bidiyo, wasan gem, ko shigowar kira a wurin da sabis ke da rauni, to alama ce mai ƙarfi ta turjiyar tsohon batir. Irin wannan waya tana iya kwana a kan kashi 45 ba ta mutu ba muddin ba a taɓa ta ba. Kuma ba ta da lamba ɗaya da take mutuwa a kai: yau kashi 55, gobe 30, jibi 48, gwargwadon nauyin abin da aka ɗora mata.

Idan kuwa tana mutuwa a kusan lamba ɗaya kullum, ko ana aiki da ita ko tana ajiye a kan tebur, kuma ta ƙi tashi sam sai an jona caja, sannan da ta tashi ta nuna kashi 1 ko 2, to batirin ya ƙare da gaske ne, lissafin ne bai bi shi ba. Wannan shi ne halin da daidaita ma'auni zai iya yin tasiri.

Sai a ƙara da lura da caji. Tsohon batir yana cika da gaggawar da ba ta dace ba, domin turjiyar da ke saukar da ƙarfinsa lokacin aiki ita ce kuma ke ɗaga shi lokacin caji. Ka jona shi a kashi 5, minti goma ka ga 40, ka cire caja ya zube zuwa 25. Wayar da a da take ɗaukar awa biyu kafin ta cika, yanzu da caja guda ɗin nan tana cika a minti hamsin, ba ƙwazo ta ƙara ba, cikinta ne ya ƙanƙance.

Sanyi ma shaida ne. Turjiyar batir tana ƙaruwa idan ya yi sanyi, don haka wayar da ke mutuwa da asubahin hunturu, amma take lafiya lau da rana tsaka, ta riga ta faɗi ciwonta.

Akwai wurin da wayar ke nuna lafiyar batirinta?

A iPhone, a shiga Settings, sai Battery, sai Battery Health. Lambar da ke gaban Maximum Capacity tana nuna girman batirin yanzu idan aka kwatanta da lokacin da yake sabo. Kamfanin Apple ya ce batiransa an tsara su su riƙe kashi 80 na girmansu bayan cikakken zagayen caji 500, kuma daga iPhone 15 ya ɗaga adadin zuwa 1000. A wayoyin Samsung, manhajar Samsung Members tana da sashen gwaje-gwaje da ke faɗin halin batir. Wayoyin Android da yawa ba su da irin wannan shafi, sai dai a sa manhaja irin AccuBattery, wadda ke ƙirga wutar da ke shiga lokacin caji, kuma tana buƙatar caji huɗu ko biyar masu tsawo kafin ƙiyasinta ya zama abin dogaro.

Mai kwamfuta da ya sa mata manhajar adb, ya kuma kunna USB debugging a wayarsa ta Android, yana iya ganin ɗanyen bayanin da wannan umarni:

```
adb shell dumpsys battery
```

Layin `level` shi ne kason da wayar ke nunawa, layin `voltage` kuma ƙarfin batirin ne, yawanci a rubuce kamar 3810, wato folt 3.81. Tunda kebul ɗin yana yi wa wayar caji, lambar za ta ɗan fi ta gaskiya tsayi, don haka ya fi kyau a karanta folt ɗin a cikin manhajar batir, waya tana cire daga caji kuma ta huta na minti goma sha biyar. Idan ta nuna kashi 50 ƙarfin kuma yana wajejen 3.8, lissafin daidai yake. Idan ta nuna kashi 50 amma ƙarfin yana 3.5 ko ƙasa, batirin ya kusa ƙarewa, ma'aunin ne ke faɗin abin da ba haka ba.

Ya kamata a sani cewa girma da turjiya ba abu ɗaya ba ne. Batir yana iya nuna lafiyar kashi 83 amma ya riƙa kashe waya, domin turjiyarsa ta yi yawa.

Za a iya nuna yadda ake bin matsalar daga farko zuwa ƙarshe?

Wata ƙanwata mai sayar da atamfa da leshi ta waya ta kawo mini tata, mai batirin 5000 mAh, wadda ta yi shekara uku da 'yan watanni a hannunta. Kukanta shi ne, duk lokacin da ta ɗaga wayar za ta ɗauki hoton kaya don tura wa masu saye, sai fuskar ta yi baƙi, alhali caji yana kan hamsin da ɗoriya. An riga an gaya mata cewa saiti ne ya ɓaci.

Na fara da barin wayar ta huta a kashi 52, na duba ƙarfin batirin na ga 3.82. Wannan ya yi daidai da rabi, don haka ma'aunin bai yi nisa da gaskiya ba. Na ajiye ta awa biyu ba a taɓa ba, ta sauka zuwa 50 kawai, ba ta mutu ba. Daga nan na ƙure hasken fuska, na buɗe kyamara, na kunna filasha na fara ɗaukar bidiyo. Ba ta kai daƙiƙa arba'in ba ta ɗauke. Na jira minti uku na danna makunni ba tare da caja ba, ta tashi tana nuna kashi 44. Na sake gwajin a kashi 90, ta yi bidiyon minti biyar lafiya, domin a can sama ƙarfin ya haura folt 4, ko an cire asarar akwai sauran rata.

Duk da haka na yi mata zagayen daidaitawa sau ɗaya, don kada a ce ba a gwada ba. Manhajar da na sa ta ƙirga kimanin 3100 mAh daga mutuwa zuwa cika, wato kashi 62 na girman asali. Bayan zagayen, lambar ta daina tsalle-tsallen da take yi a ƙasa da kashi 20, amma kyamarar ta ci gaba da kashe wayar a tsakiya. Da mai gyara ya ɗaga murfin baya, batirin ya ɗan tasa a tsakiya kamar burodin da ya fara kumbura, har ya bar zane a jikin murfin. Aka sauya shi, kuma tun daga ranar tana ɗaukar hotunanta har kashi 10.

Yaya ake daidaita ma'aunin, kuma me zan sa rai ya yi?

A yi wa wayar caji har ta kai ɗari, a bar ta a jone na ƙarin awa ɗaya ko biyu, domin wayoyi da yawa suna nuna ɗari kafin batirin ya gama cika. Sannan a cire, a yi amfani da ita da aiki mara nauyi har ta mutu da kanta. Maganar aiki mara nauyi tana da muhimmanci: idan aka matsa mata da gem ko kyamara, za ta mutu da wuri saboda faɗuwar ƙarfi, ayisin bai ga ƙarshen batirin na gaskiya ba. Bayan ta mutu a bar ta a kashe na awa uku zuwa biyar, sannan a jona ta da caja mai kyau a bar ta ta cika ba tare da an cire ba. Inda wuta ba ta da tabbas, ya fi kyau a yi wannan caji na ƙarshe da fawa banki mai cike ko wutar sola, domin yankewa a tsakiya tana rage amfanin aikin.

Wannan zagaye yana koya wa ayisin inda saman batirin yake da inda ƙasansa yake. Ba ya ƙara wa batirin girma ko da ɗigo ɗaya, kuma ba ya rage turjiyarsa. Idan ya yi nasara, lambar za ta riƙa sauka a jere har zuwa kashi 2 ko 1 kafin wayar ta mutu, amma awannin da cajin ke ɗauka ba za su ƙaru ba. Wataƙila ma mutum ya ga kamar cajin ya fi saurin sauka, domin yanzu gaskiya ake nuna masa. Sau ɗaya ya isa, iyaka sau biyu. Maimaita shi kowane mako yana ƙara tsufar da batirin, kuma kada a bar mataccen batir kwanaki ba caji, domin idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa sosai yana lalacewa lalacewar da ba ta gyaruwa.

Manhajojin da ke cewa suna gyara batir fa?

Ba sa gyara komai. Yawancinsu sun ginu ne a kan wata tsohuwar jita-jita cewa goge fayil ɗin `batterystats.bin` yana daidaita batir, alhali tun a 2012 wata injiniyar Google ta bayyana cewa fayil ɗin yana ajiye bayanin manhajojin da suka ci wuta ne kawai, ba shi da hannu a kason da ake nunawa. Daidaitawar manhaja da ta tabbata ita ce wadda masu ƙera wayar suka sa da kansu, kamar wadda Apple ya saka a iOS 14.5 a 2021 don gyara ƙiyasin lafiyar batir a jerin iPhone 11.

Shin kamfanonin waya sun taɓa amincewa da wannan matsala?

Sun amince. A farkon 2017 Apple ya fitar da iOS 10.2.1, wanda ya rage mutuwar bazata a iPhone 6 da 6s da SE, kuma a watan Disamba na shekarar ya tabbatar cewa hanyar da ya bi ita ce rage gudun wayar idan batirinta ya tsufa, don kada ta ja wuta mai yawa a lokaci guda. Mutane sun fusata saboda ba a sanar da su ba, kamfanin ya rage kuɗin sauya batir daga dala 79 zuwa 29 a shekarar 2018, ya kuma ƙara shafin lafiyar batir a iOS 11.3. Abin da ya shafe mu a labarin shi ne, masu ƙera wayar da kansu ba su magance matsalar da daidaita ma'auni ba. Rage nauyin da ake ɗora wa batirin suka yi, sannan suka ce a sauya shi.

Na sauya batir amma matsalar tana nan. Me ya rage?

A fara ba sabon batirin zagaye biyu ko uku na cikakken caji, domin ayisin ya saba da shi. Idan bayan haka wayar tana mutuwa a lokacin aiki mai nauyi, abin zargi na farko shi ne batirin da aka sa. Akwai jabu da aka rubuta musu girman da ba su kai ba, akwai tsofaffin da aka ciro daga wasu wayoyi aka sake musu takarda, akwai kuma na gaske da suka daɗe a shago cikin zafi har suka tsufa tun ba a yi aiki da su ba. Shi ya sa ya dace a yi sharaɗi da mai gyara tun kafin a biya, cewa za a dawo da batirin idan ya gaza cikin 'yan makonni, kuma a yi gwajin kyamara da filasha idan caji ya sauko kashi 40.

Idan kuwa wayar tana mutuwa ne lokacin da aka girgiza ta, ko aka ajiye ta da ƙarfi, ko aka danna bayanta, ba tare da la'akari da yawan caji ba, to mahaɗin batirin ne ya saki, abin da ke yawan faruwa bayan waya ta faɗi. Wayar da ruwa ya taɓa shiga, ko wadda ke zafi a wuri ɗaya ko tana ajiye, tana iya zama da matsala a ayisin wuta da ke jikin injin, kuma mai gyara yana tabbatar da haka ta hanyar jona wayar da na'urar ba da wuta ta kan teburinsa ya ga abin da take ja.

Zan iya ci gaba da amfani da ita a haka kafin in samu kuɗin sabon batir?

Idan batirin bai kumbura ba, ana iya lallaɓawa na ɗan lokaci. A kunna tsarin tattalin batir, wanda ke rage gudun wayar, a sassauta hasken fuska, a guji kyamara da kiran bidiyo idan caji ya sauko ƙasa da kashi 60, ko a yi su waya tana jone da fawa banki. A kiyaye ta daga zafi, wanda shi ne ya fi komai saurin tsufar da batir: Apple ya ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da ya dace a yi aiki da waya, alhali a watannin Maris da Afrilu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40 a inuwa. Barin waya a gaban mota da rana, ko yi mata caji a ƙarƙashin matashi, yana ƙara wa borno dawaki.

Amma idan murfin baya ya fara ɗagawa, ko gilashin fuska ya fara rabuwa da jikin wayar ta gefe, ko wayar ta daina kwanciya daidai a kan tebur, ko ana jin wani wari mai ɗan zaƙi kamar na sinadari, to maganar lallaɓawa ta ƙare. Iskar gas ce ta taru a cikin batirin, kuma irinsa yana iya kamawa da wuta. A daina yi mata caji, kada a danne kumburin, kada a huda shi da allura don a fitar da iskar kamar yadda wasu ke yi, a kashe wayar a ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, a kai ta wurin mai gyara a ranar ko washegari.